Makullin tsaro na USB: dalilin da ya sa na sayi guda biyu

Na koma amfani da YubiKey a imel ɗina, ɗan ƙaramin abu ne kamar filash, in ka sa faswod sai ka soka shi a kwamfuta ka taɓa shi da yatsa, ko ka kara shi a bayan waya in tana da NFC. Shikenan ka shiga.

Abin da ya ja ni gare shi shi ne matsalar lambar nan shida da ake turowa ta SMS ko ta manhaja. In ɗan damfara ya turo maka linkin shafin bogi, misali g00gle da sifiri maimakon google, ka sa faswod ka sa lambar, to shi a daidai lokacin yana can yana zuba su a shafin gaskiya kafin lambar ta mutu, ya riga ka shiga kenan. Makullin kuwa ba ruwansa da kamannin shafi. Ranar da na yi masa rajista ya ƙirƙiri mabuɗi mai ɓari biyu na google.com kaɗai, ɓarin sirrin yana ciki ba ya fita, Google ɗaya ɓarin na fili kawai suka ajiye. Duk shiga burauza ce ke faɗa masa ainihin sunan shafin da nake, in sunan ya bambanta ko da harafi ɗaya ne ba zai sa hannun da Google za su karɓa ba, ko na taɓa shi sau nawa. A 2022 an kai wa ma'aikatan kamfanin tsaron intanet na Cloudflare irin wannan harin ta saƙon tes, wasu har sun sa faswod ɗinsu a shafin bogin, amma maharan suka kasa wucewa saboda makullan.

To amma fa wannan rashin fitar sirrin shi ne ke sa dole ka yi na biyu. Ba a kwafar sa, ba bakof, in ya ɓace ko ya karye ya tafi da abin da ke cikinsa. Kuma sayen na biyu ka jefa a durowa bai wadatar ba wallahi, sai ka shiga saitin tsaro na kowane akawun ka ƙara shi shi ma daban, ni a zama ɗaya nake yin duka biyun in ba kowanne suna, sannan in fita in gwada shiga da na ajiyar don in tabbatar yana aiki. Ɗaya na jikin makullaina, ɗayan na gida a ɓoye. In na hannuna ya ɓace da na gida zan shiga in goge shi daga akawun.

A kula da PIN ɗinsa kuma, kuskure 8 a jere yana kulle shi, sai riset, riset ɗin kuma share rajistar yake duka. Sannan bayan na tabbatar biyun na aiki na cire SMS a duk inda aka yarda a cire, don in yana nan shafin bogi cewa zai yi makullin ya ƙi, turo lamba, ka koma gidan jiya.