An cire kuɗin wuta, lambar shigar da yunit ba ta zo ba

Daren Juma'a na sayi wutar naira dubu biyar ta manhajar banki a nan Katsina, aka cire kuɗin nan take, amma mita ta ci gaba da kukan ƙarewar yunit har wuta ta ɗauke, ga maganin mahaifiyata a cikin firiji.

Da yawanmu muna zaton kuɗin na shiga mita kai tsaye, alhali banki yana miƙa su ne ga dillali, dillalin ya nemi na'urar kamfanin wuta ta fitar da lambobi 20, waɗanda mita ɗaya tak suke yi wa aiki, kuma sau ɗaya. Sai ka danna su da hannunka kafin yunit ya hau. Idan sadarwa ta katse a tsakani, kuɗi sun fita, lamba kuwa ba ta iso ba.

Ban sake saye ba, domin kada a cire mini sau biyu. Na duba rasit na tabbatar lambar mitar tawa ce, sannan washegari na kai lambar cinikin ofishin wuta. Ma'aikaciyar ta duba ta ce, "Malam, lambarka ta fita tun jiya, saƙon ne bai iso maka ba." Da ba ta fita ba, in ji ta, banki ne zai mayar da kuɗin. Ta rubuta mini lambobin, na danna, yunit ya hau.