Tuwon Tudun Wada da Jiran da Na Sha a Zariya

Ɗaurin aure ne ya kai ni birnin Zazzau daga Kano ranar Juma'ar da ta wuce, kuma bayan an shafa fatiha sai mai adaidaita sahun da ya ɗauko ni daga Ƙofar Doka ya sauke ni a wani gidan abinci a Tudun Wada, yana rantsuwa cewa babu kamarsa a garin. Na zauna ƙarfe uku saura kwata, na ce a kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, amma kwano bai sauka gabana ba sai uku da rabi. A Kano da tuni na tashi, domin can mai sayar da abinci ya san akwai wani a maƙwabcinsa.

Tuwon kuwa ya zo da tururinsa, kabewa ta narke a miyar, gyaɗa ta ji, naman ya yi laushi, kuɗin ma bai kai abin da nake biya a Zoo Road ba. Nan na tsaya tunanin abin da zan rubuta a Google Maps, domin tauraro ɗaya zalunci ne ga mai girki, biyar kuma yaudara ce ga matafiyin da ke sauri.

Abin da ya raba mini gardama shi ne gano inda jinkirin ya fito. Abincin da ya iso da zafinsa yana nuna a tukunya aka makara, wanda ya iso a huce kuwa an zuba ne aka manta da shi. Na kuma lura ba a ba wanda ya zo bayana kafin ni ba, kuma yarinya ɗaya ce take kai kwanuka tana karɓar kuɗi. Da na tambayi mai gidan abincin, sai ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, mutanen masallaci ne suka cinye na farko, sabo muka tuƙa." Uzuri ne mai kyau, amma da an faɗa mini tun da na zauna, da na zaɓi jira ko tafiya.

Saboda haka na ba abinci taurari biyar, hidima biyu, jimilla huɗu, sannan na rubuta: "Juma'a bayan masallaci. Tuwo da miyar taushe sun yi daɗi ƙwarai, amma na jira minti 45 ba tare da an sanar da ni dalili ba. Mai sauri ya tambayi abin da ke ƙasa kafin ya zauna." Ban ambaci yarinyar ba, domin ƙarancin ma'aikata ba laifinta ba ne, kuma ban ce kullum haka suke ba, tunda rana ɗaya na gani.

Da la'asar na leƙa Samaru na gaida wani malamina a Jami'ar Ahmadu Bello. A Kwangila na sami motar Kano, direban ya ƙara kuɗi wai don yamma ta yi.