Abin da batirin wakilanmu ya koya mini kafin in bar aiki

Yau kwana uku ke nan da na miƙa makullin ofis, kuma cikin duk abin da ya faru a shekara biyun da na yi a can, maganar batirin nan ce ta ƙi barina.

Wakilanmu na ƙauyuka, masu cika fom a manhajarmu ta Android, sun fara kuka kan batiri tun farkon damina. Mutum zai kwanta da caji 90, asuba ta yi masa da 30, a garin da sai ya biya kuɗi a shagon caji. A taron Litinin Oga ya yanke hukunci ba tare da ya buɗe komai ba: sashen gano wuri ne, wanda ni na rubuta. Na ce, "To, ranka ya daɗe," na koma kujerata. Kuskurena ke nan, kuma ya ci mini mako biyu. Na rage yawan neman wuri, daga baya na cire shi gaba ɗaya, batiri bai fasa zuba ba.

Abin da ya ƙara ruɗa ni, a wayata matsalar ba ta taɓa fitowa ba. Ashe gwajin nawa ne gurgu: waya na jone da kwamfuta, tana kan intanet ɗin ofis mai ƙarfi. Wayar da ke jone tana caji ne, Android ba ya tara lissafin batiri a wannan hali, kuma Doze, barcin da yake sa waya tun Android 6.0 na 2015, ba ya farawa sai an cire caji, allo ya mutu.

Wani dattijon wakili ne ya buɗe mini ido ta waya. Ya ce, "Ɗana, ni fa ko data ba na bari da dare, kashewa nake yi don kada ta ƙare, amma wayar da ɗumi take kwana." Daren nan na yi yadda yake yi. Na share tsohon lissafi, na zare waya, na cika fom biyu, na kashe data, na ajiye ta. Da safe na jona na kwashe lissafin nan take.

```
adb shell dumpsys batterystats --reset
adb shell dumpsys batterystats > dare.txt
```

A ƙarƙashin `All partial wake locks` na ga abin. Wannan riƙo ne da manhaja ke yi wa ƙwaƙwalwar waya don kada ta yi barci ko da allo a kashe yake. Lambobi biyu ake dubawa tare, tsawon lokaci da yawan sau. In ka ga sau ɗaruruwa, kowanne na daƙiƙoƙi, to wani abu ne ke ta tayar da wayar, sai ka nufi `dumpsys alarm`. Namu kuwa sau ɗaya ne tak, kusan awa bakwai. An kama, ba a saki ba.

Sunan riƙon ya kai ni sashen tura fom zuwa ofis. Ana kiran `acquire()` a kama riƙon, a tura, sannan a kira `release()` a sake shi a layin ƙarshe. Idan babu data turawar kan faɗi a tsakiya, ba a taɓa isa layin ƙarshen ba. Da Doze ya yi watsi da riƙon, amma mu da hannunmu muka sa wakilai su cire manhajar daga tsarin tattalin batiri tun ranar horo, kuma manhajar da aka cire ɗin tana da izinin riƙe waya a farke.

Gyaran bai kai awa ɗaya ba. Na mayar da `release()` cikin `finally`, sashen da ke gudana ko da turawar ta faɗi, na ba `acquire()` iyakar minti biyu. Daga baya na ɗora turawar duka a kan WorkManager, mai tsara ayyukan bayan fage na Android, da sharaɗin `NetworkType.CONNECTED`, ta jira sai data ta dawo. Na maimaita gwajin dare biyu, ɗaya da data ɗaya babu, caji ya sauka da kaso huɗu kacal.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka taɓa layi ɗaya kafin ka auna. Jadawalin batiri na cikin saitin waya sunan manhaja kawai yake ba ka, ba ya gaya maka aikin da ya jawo. Ka tambayi mai waya yadda yake kwana da ita.

Sashen turawar, `git blame`, umarnin da ke bayyana marubucin kowane layi, ya nuna wanda ya rubuta shi tun kafin a ɗauke ni aiki. Ban faɗa a taro ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Oga ya sanar cewa "mun" gano matsalar, kuma a takardar auna ƙwazona ta ƙarshen shekara har yanzu akwai layin da ke cewa na jinkirta aiki da mako biyu.