WhatsApp ne ya cinye min wayar

Jiya a wajen ɗaurin auren ƙanwata a Gusau na ɗaga waya zan ɗauki hoto, ta ƙi, wai wurin ajiyarta ya cika. Ina komawa gida na shiga Settings, na danna Storage. Cikin 64 GB saura kamar 400 MB.

Da farko hotunana na zarga, ashe ba su kai 5 GB ba. System ya ci kusan 12 GB, shi kuwa ba a taɓa shi. Ɓarawon yana cikin Apps, wato WhatsApp. Na buɗe shi, na shiga Settings ɗinsa, Storage and data, sannan Manage storage. Bidiyon gurup ɗin unguwarmu kaɗai 9 GB, wani wa'azi ma sau huɗu aka turo shi! Waɗannan na share ba tare da na ji komai ba.

Da na koma Settings ɗin waya, a ƙarƙashin WhatsApp, hannuna ya kai kan Clear data. Yayana ya riƙe ni: "Kai ƙane, kul! Wannan zai tafi da hirarrakinka in ba ka yi ajiya ba." Clear cache ne ba ya cutarwa, tarkacen wucin gadi yake kwashewa, sai dai yana sake taruwa.

Hotunan da na goge kuma ba su ba ni wuri ba sai da na zubar da Trash.