Talata: CF₄, SF₄ da XeF₄

Darasin yau na 'yan ajin farko a jami'a kan siffar molikul ne, kuma molikul uku kawai na rubuta a allo: CF₄, SF₄ da XeF₄. Kowanne atam ɗaya ne a tsakiya, fulorin huɗu suna kewaye da shi. Da na ce a zana siffarsu, yawancin ajin sun ba su siffa guda, wato dala mai fuska huɗu, suka kuma yanke cewa cajinsu duka a daidaice yake. Na farkon kaɗai suka samu daidai.

Ka'idar da ake kira VSEPR, wadda Gillespie da Nyholm suka daidaita a 1957 bisa aikin Sidgwick da Powell na 1940, ba ta da wuyar faɗi. Ilektiron da ke ɓawon waje na atam ɗin tsakiya suna zama tagwaye-tagwaye, kowane tagwaye na ture ɗan'uwansa, don haka sai su nisanci juna iyakar iyawa. Inda ake tuntuɓe shi ne ba duk tagwaye ne ke cikin ɗauri ba, wato haɗin da ke riƙe atam biyu tare. Akwai masu zaman kansu, waɗanda ba su riƙe da kowane atam, ba kuma a ganinsu a rubutun sunan molikul, sai an yi lissafi.

Ga lissafin. Fulorin yana da ilektiron 7 a waje, huɗu sun ba da 28. Kabon ya kawo 4, jimilla 32. Sulfa ya kawo 6, jimilla 34. Zinon ya kawo 8, jimilla 36. Kowane fulorin yana buƙatar 8 a kewayensa, har da biyun da ke cikin ɗaurinsa, ke nan 32 sun tafi. Abin da ya rage na atam ɗin tsakiya ne: kabon ba shi da komai, sulfa yana da 2, wato tagwaye ɗaya, zinon yana da 4, tagwaye biyu. Wannan gajeriyar hanya tana aiki muddin babu haidirojin a waje. Idan akwai shi, 2 ake cire masa maimakon 8.

CF₄ ba ya ɗaukar lokaci. Rukunin tagwaye huɗu ne a kewayen kabon, duka ɗauri, kusurwa digiri 109.5 tsakanin kowane biyu. Fulorin ya fi kabon jan ilektiron nesa ba kusa ba, 3.98 da 2.55 a ma'aunin Pauling, saboda haka kowane ɗauri a karkace yake. Amma ja huɗu masu ƙarfi ɗaya, da suka fuskanci kusurwoyi huɗu na dalar, suna kashe juna, sai molikul ɗin ya fito ba shi da karkatar caji ko kaɗan.

A kan SF₄ muka daɗe. Rukuni biyar ne, ɗauri huɗu da tagwaye ɗaya masu zaman kansu. Rukuni biyar suna shirya kansu kamar dala biyu masu gindi mai kusurwa uku da aka haɗa gindi da gindi. Na mulmula laka, na soka tsinken tsintsiya uku a kewayen cikinta a shimfiɗe, digiri 120 tsakaninsu, sannan ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da zarar an riƙe shi a hannu za a ga guraben biyar ɗin ba iri ɗaya ba ne. Tsinken sama yana da maƙwabta uku a digiri 90. Na kewayen ciki yana da biyu kacal a digiri 90, sauran biyun suna can a 120, inda turin ya yi rauni sosai.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai sama ya fi sarari, me zai hana tagwayen su hau can?" A ido haka yake, amma abin ƙirgawa shi ne maƙwabtan digiri 90. Tagwaye masu zaman kansu atam ɗaya ne kawai ke riƙe da su, don haka suna kwanciya kusa da shi, su baje, su ci wuri fiye da na ɗauri. Mai cin wuri kuwa gurbin da ba matsi yake nema, shi ya sa suke zama a kewayen ciki. Na zare tsinke ɗaya daga cikin ukun, abin da ya rage ya yi kama da katakon lilon yara da aka ɗora a kan ƙafa biyu.

Awon da aka yi wa molikul ɗin ya gaskata hasashen. Kusurwar fulorin biyu na kewayen ciki ta matse daga 120 zuwa kusan 102, ta sama da ƙasa kuma ta lanƙwashe daga 180 zuwa kusan 173, duk suna gudun tagwayen. Ɗaurin sama da na ƙasa sun fi tsawo, kusan pikomita 165, na ciki kusan pikomita 155. Game da caji, na sama da na ƙasa sun kusa kashe juna, amma biyun ciki suna ja ɓangare guda, babu fulorin a ɗaya ɓangaren da zai maida martani. Saboda haka SF₄ yana da karkatar caji, kusan 0.63 D, wato debye, ma'aunin karkatar caji. Adadin bai kai yadda ɗalibai suka zata ba, domin su ma tagwayen suna da nasu jan, kuma ya saɓa wa na fulorin biyun, ya rage musu ƙarfi.

Daga nan sai aka faɗa wani ramin. Wani ɗalibi ya ce tunda tagwaye ɗaya sun karkatar da SF₄, to biyu za su ninka karkatar a XeF₄. A'a. Rukuni shida ne, guraben duka iri ɗaya, digiri 90 tsakanin maƙwabta. Tagwayen farko za su iya zama ko'ina, na biyu kuma su koma daura da su, digiri 180. Fulorin huɗun sun rage a shimfiɗe, murabba'i cif. Kowane ɗauri yana da kishiyarsa a ɗaya gefen, tagwayen sama suna kashe na ƙasa, karkatar ta zama sifili. Don haka a ganina haddace cewa "tagwaye masu zaman kansu suna kawo karkata" cutarwa ce. A zana kibiya a kan kowane ɗauri, kanta na kallon atam ɗin da ya fi ja, a duba ko kowace tana da mai kashe ta.

Na rufe darasin da iyakar ka'idar, don kada a ɗauka tana ba da adadi. Tana cewa kusurwa za ta ragu, ba ta faɗin nawa. Ruwa da H₂S lissafinsu ɗaya ne, ɗauri biyu da tagwaye biyu masu zaman kansu, amma kusurwar ruwa 104.5 ce, ta H₂S kusan 92. Haka NH₃ da NF₃ siffarsu ɗaya, amma karkatar na farko 1.47 D ce, ta na biyu kusan 0.24 D, domin a NH₃ jan ɗaurin yana bin na tagwayen, a NF₃ kuwa yana saɓa masa. Aikin gida na ranar Alhamis shi ne ClF₃, mai ilektiron 28, a gano inda tagwayensa biyu za su zauna da dalilin hakan.