Ranar da nitiral ya katse a gidan shaguna uku

Shekarata ta uku ke nan da fara aikin wayarin lokacin da wani Alhaji mai gidan haya ya aiko a kira ni. Shaguna uku ne a gaban gidan: tela, mai wanki da guga, da mai cajin waya. Wayoyi huɗu ne suka sauko daga falwaya, uku masu wuta, ɗaya nitiral. Kowane shago yana kan layinsa, amma nitiral ɗin nan guda ɗaya suke tarayya a kai.

Na tarar mai caji ya haɗa kai da gwiwa, cajojinsa sun ƙone, shagon sai ƙauri. Shi kuwa mai guga cewa yake dutsensa ya ƙi zafi, fanka kamar ana tura ta da hannu. Ban tsaya awo ba na ce: "Ranka ya daɗe, wutar ce ba ƙarfi, daga taransfoma ne." Na canza wa tela ƙwan da ya mutu. Mai guga na jona dutse, sabon ƙwan ya yi wani haske fau, ya mutu a gabana. Ga Alhaji tsaye yana kallo. Kunya ta ishe ni.

Abin da ya farkar da ni shi ne, jona kaya a wani shago ya ƙara wa wani shagon haske. Raunin wuta ba ya yin haka. Na sa aka cire duk wani abu mai tsada, aka bar dutsen guga da ƙwayaye kawai, na fito da mitar awo. Tsakanin kowane layi biyu na samu kusan bolt 400, lafiya lau. Amma tsakanin layi da nitiral, inda ya kamata in ga kusan 230, sai na ga 118 a shagon mai guga, 285 a na tela, 336 a na mai caji. Nitiral kuma da na auna shi da ƙasa, yana ɗauke da sama da bolt 100, alhali bai kamata ya wuce ƴan kaɗan ba.

Ga yadda abin yake. Nitiral shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma taransfoma, shi ne kuma ke tsayar da kowane layi a kan 230. In ya katse, wutar da ta shiga dutsen guga ba ta da hanyar komawa sai ta cikin kayan maƙwabci zuwa wani layin. Shagunan sun zama suna raba bolt 400 a tsakaninsu, kuma rabon ba na adalci ba ne: wanda kayansa ke jan wuta kaɗan shi ke kwasar kaso mai yawa. A ɗauka shago biyu ne kawai, ɗaya da dutse mai wat 1000, ɗaya da ƙananan kaya na wat 100. Dutsen zai samu kusan bolt 36, ƙananan kayan su sha kusan 364. Shi ya sa caja, talabijin da ƙwai ke fara tafiya.

Alhaji ya tambaye ni me ya sa fis bai tsinke ba. Fis yawan wutar da ke ratsa shi yake gadi, ba ruwansa da hauhawar bolt. Caja za ta ƙone ƙurmus yana nan zaune.

Na kashe babban makunni, na leƙa maƙwabta. Wutarsu ƙalau, ke nan ba a taransfoma ba ne. Da can ne, da duk layin unguwar ana kuka. Cikin akwatin mita ma komai a ɗaure yake. A saman falwaya matsalar take. Wanda ya yi aikin tun farko ya murɗa wayar jan ƙarfe a kan ta alminiyam da filaya kawai. Ƙarafan nan biyu ba sa zaman lafiya in ruwa na taɓa su: alminiyam ɗin ya cinye, ya zama farin gari, haɗin yana kamawa yana saki in iska ta kaɗa. Ashe kwana uku ƙwayaye ke ƙyafta ido, ba wanda ya kula.

Ban hau ba, hawan falwaya aikin ma'aikatan wuta ne. Da suka zo, suka yanke ruɓaɓɓen wurin, aka ɗaure da maɗauri mai kusoshi wanda aka yi don haɗa ƙarafan biyu. Na sake awo da dutsen a jone: 226, 231, 229.

Daga baya na saka wa kowane shago na'urar da ke yanke wuta in bolt ya hau ko ya faɗi, na saita ta a kan 260 sama, 180 ƙasa. Mai caji ya so ya sayi sitabilaiza a maimakonta, na ce masa ita ma tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, 336 ya fi ƙarfinta. Kuɗin ƙwan tela kuwa, daga aljihuna ya fita.