Takardar da na bari ƙarƙashin fulas

Jiya da asuba na bar wa maigida 'yar takarda ƙarƙashin fulas ɗin shayinsa, don baki ya gaji da maimaitawa. Ga abin da na rubuta:

"Baban Iman, barka da asuba. Yau Alhamis, na san Wudil sai gobe, don haka kana gari. Ni zan tafi awo asibiti, layin ba ya ƙarewa kafin azahar. Don Allah kai za ka ɗauko yara. 'Yan nazare suna tashi ƙarfe 12, Iman kuma sai 1:30. Kada ka haɗa su ka ce sai 1:30, Auta ba ya jure yunwa. Gobe Juma'a ni zan ɗauko, kai ka tafi kasuwarka. In shanu sun riƙe ka wata rana, ka kira Yaya Babba tun da hantsi, ba sai an tashi ba."

Dalilin takardar kuwa, makon jiya ne. Ni na ɗauka shi zai je, shi ya ɗauka ni na je. Ashe yaran suna zaune gindin darbejiyar makaranta har kusan la'asar, mai gadi ne ya saya wa Auta ruwan leda da ƙuli-ƙuli. Da na iso, hawaye ya bushe masa a kumatu, takalmi ɗaya a hannu. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Jiya dai ƙarfe 12 da 'yan mintuna sai ga kira: "Maman Iman, mun iso, ina makullin kicin?" Yana cikin jakata, a asibiti.